Babban ɗa zai sayar mini da filin gado: in biya?

Tambaya: Malam, an yi mini tayin fili a Kano a kan naira miliyan 8. Mai filin ya rasu, babban ɗansa ne ke sayarwa, ya ce shi ke riƙe da gida kuma takarda tana hannunsa. Ya halatta in biya?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, kada ka biya tukuna. Riƙe gida bai sa babban ɗa ya mallaki filin ba. Annabi (SAW) ya hana Hakimu ɗan Hizamu sayar da abin da ba ya wurinsa. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayar da kayan wani ba da izini ba, cinikin yana rataye har sai mai shi ya yarda.

A ce mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa kuma sun riga shi rasuwa. Bayan biyan bashi da wasiyya, filin kashi 8 ne: matar ɗaya, kowane namiji biyu, macen ɗaya. Rabon mai sayar maka miliyan 2 ne kacal. Sauran miliyan 6 hakkin mutum huɗu ne da ba ka ji ta bakinsu ba. Ko rabonsa kaɗai ka saya, muddin ba a raba ba, 'yan'uwansa suna da shufa'a: su mayar maka da kuɗinka su karɓe.

Saboda haka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ƙirga magada da kanka. Kowa ya sa hannu gaban shaidu, wanda ke nesa ya wakilta wani a rubuce. Ka ji ta bakin matar da 'yar musamman. Abin da ke ƙona mini rai shi ne su aka fi tsallakewa, a ce "ai ba za su ƙi ba". In akwai maraya ƙarami, rabonsa sai da izinin alƙali.

Sannan takarda. Ɗauki lambar fayil, kai ko lauyanka, a bincika a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kano: sunan wa ke kai, an jinginar da filin a banki, ko gwamnati ta soke shi? Dokar filaye ta 1978 ta sa filin da ke da shaidar mallaka ta gwamna ba ya sauya hannu sai da amincewar gwamnan. Je da safiyo ya gwada duwatsun iyaka da abin da ke rubuce, ka tambayi mai unguwa da maƙwabta ko an taɓa sayar da shi ko ana shari'a a kansa.

In dillali ya matsa sai ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a dawo maka da shi idan bincike ya nuna matsala ko wani magaji ya ƙi. Wallahu a'alam.