Kafin ka tura wa manaja saƙon nan

"Maigida, inbatar nan da muka mayar wa kamfanin da ya sayar mana, yau mako uku ke nan ma'aikacin da ya karɓa yana ce mini gobe, jibi. Na rubuta wa manajansu saƙo, na ce su macuta ne, ba su san darajar mutane ba. In tura?"

Kada ka tura. Zauna tukuna. Kai magana sama daidai ne, domin ka yi bibiya sau uku, kuma ranar da shi da kansa ya yanka ta wuce. Rubutun ne bai yi ba.

Manajan nan bai san ka ba, bai san inbatarka ba, wataƙila ma a tsaye zai karanta. Abu na farko da zai yi shi ne ya tura saƙon ga ma'aikacin da kake ƙara, ya ce masa me ya faru. In "macuta" ne a ciki, ka ba wa mutumin mafita. Zai ce ai ga irin bakinsa, shi ya sa aka kasa daidaitawa. Shi ke nan an bar zancen inbata an koma zancen halinka. Ni ma ina da ƙuruciya na taɓa zazzaga wa wani kamfani rashin mutunci a takarda, amsar da na samu duk a kan lafazina take, ko layi ɗaya ba su taɓa maganar kayan ba.

Saboda haka ka auna kowace jimla da tambaya ɗaya: manaja zai iya bincikawa ya tabbatar? "Yana yi mini ƙarya" ba ya bincikuwa, domin ba ka shiga zuciyarsa ba. "Ranar 11 ya ce za a kira ni cikin kwana biyu, ba a kira ba" kuwa yana nan a wayarka. Ko ta fannin aikinmu haka ne. Kar ka rubuta cewa tun daga masana'anta take da matsala, ba ka buɗe ta ba, kuma da ka buɗe da garanti ya tashi. Faɗi abin da mita ta nuna maka. Ga yadda zan rubuta:

"Barka da aiki. Ina neman taimakonka kan wata inbata mai 24V da muka saya a wajenku ranar 2 ga wata, tana cikin garanti. Lambar rasit da lambar da ke jikinta suna cikin hotunan da na haɗo. Bayan kwana biyu da sakawa ta fara ɗaukewa ko babu lodi a kanta. Mun auna batir, mita ta nuna 25.4V, mun kuma duba wayoyi da fis, lafiya lau. Mun mayar da ita ranar 6. Na tuntuɓi sashen karɓar kaya ranar 11, aka ce za a kira ni cikin kwana biyu. Na sake tuntuɓa ranar 17 da ranar 24, har yanzu ban samu sakamakon gwaji ba. Mai gidan da muka saka wa yana zaune ba wuta tun ranar 6. Ina roƙon a canja mana ita, ko a ba mu ranar da za a gama gyara a rubuce, kafin ranar 30. Na gode."

Ka lura awon batirin nan ba ado ba ne. Abin da za su fara cewa shi ne batirinku ne ya yi sanyi, ko ku kuka ɗora mata lodin da ya fi ƙarfinta. Ka toshe ƙofar tun kafin su taɓa ta. Kuma na ce "sashen karɓar kaya", ban kama sunan kowa ba, domin mai yiwuwa shi ma wani yake jira a sama. In manaja ya tambayi suna sai ka faɗa.

Wajen buƙata nan ne yara suka fi yin sake. Su zuba labari shafi guda, su rufe da "a duba lamarin". To, ya duba, sai me? Faɗi abin da kake so da ranar da kake so, ranar da za a iya cikawa. Barazanar kai ƙara ko tona su a idon duniya kuwa, bar ta a aljihu, ba a saƙon farko ba.

Abu ɗaya ya rage: gaya wa ma'aikacin cewa za ka sanar da manaja, layi ɗaya ya isa, don gobe ma wajensa za ka koma sayayya. In ranar 30 ta wuce shiru, ka sake turawa a ƙarƙashin wannan saƙon, kada ka buɗe sabo. Yanzu ɗauko rasit mu duba ranakun, don ina jin ranar 7 muka mayar da ita, ba 6 ba.