Tambayoyin minti bakwai kafin a kaɗa ƙararrawa

"Salamu alaikum malamai. Ina koyar da lissafi a aji biyar a wata firamare a Tudun Wada, yara 80 ne a ajin. Kullum in na gama darasi na ce kun gane, sai su ce e, ranar gwaji kuma abin ba kyan gani. Yaya zan tsara 'yan tambayoyin ƙarshen darasi da za su nuna mini gaskiya, ba tare da na kwana ina maki ba?"

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Wallahi ciwon nan namu ne gaba ɗaya. Babu abin da ke karya zuciyar malami kamar ya zauna da tarin takardun gwaji, ya buɗe ta farko ya ga 1/2 + 1/3 = 2/5, ta biyu haka, ta goma haka, har ta yarinyar da ke zama a gaba tana gyaɗa kai. Mako uku ke nan da wucewar darasin, an ɗora wasu a kansa, muryar mutum ta dushe a banza. Sannan mai duba aiki ya zo ya buɗe littafin darasinki, ya ga kin cike gurbin auna fahimta da tambayoyi biyar, ya sa hannu ya tafi, bai tambayi ko yaro ɗaya ya amsa su ba. In sakamako ya lalace kuma ke ce mai laifi. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Bari in ɗauki wannan darasin na tara rabi da sulusi, don a kansa za ki ga yadda ake yi. Tun a gida za ki rubuta tambayar, kafin ki rubuta darasin ma. Ki tambayi kanki: wane abu ɗaya nake so yaro ya iya in an tashi? A nan shi ne ya daidaita lambobin ƙasa kafin ya tara. To tambayar ta tsaya a kan wannan kaɗai, kuma wahalar aikin tana wajen zaɓen amsoshin da ba daidai ba:

1/2 + 1/3 =
A. 2/5  B. 5/6  C. 2/6  D. 1/6

B ce daidai, amma sauran ukun ba cike gurbi ba ne, kowacce tana faɗa miki ciwon da ke damun yaron. Wanda ya ɗauki A ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, wato bai san me lambar ƙasa take nufi ba, kuma shi ne mai buƙatar a koma da shi tushe. Wanda ya ɗauki C ya gano cewa 6 ce za ta zauna a ƙasa, sai dai ya bar na sama yadda suke, bai mayar da rabi 3/6 ba, bai mayar da sulusi 2/6 ba. Wannan ya yi rabin tafiya, gyaransa minti biyu ne. Mai D kuwa ninkawa ya yi, ko ya ɗebe maimakon ya tara. Da kin sa amsoshi irin 9 ko 100 da ba wanda zai zaɓa, da kowa ya ci, ke kuma ba ki ƙaru da komai ba.

Kada ki ce wa ya sani ya ɗaga hannu. Yara biyar ɗin nan na gaba ne za su ɗaga, su kuwa kin riga kin san sun iya. Kowa zai amsa, kuma lokaci ɗaya. Ki ba su minti ɗaya su yi aikin a bayan littafi shiru, sannan ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, kowa ya nuna da yatsu a ƙirjinsa: yatsa ɗaya A, biyu B, uku C, huɗu D. A ƙirji na ce, don in a sama ne na baya za su kwaikwayi na gaba. In kina da hali, ki yanka kwalin taliya gida-gida, kowane yaro ya samu huɗu masu harufa manya, sun fi yatsu saurin karantuwa daga gaban allo. Ki zaga har layin ƙarshe, musamman waɗanda ke zaune a ƙasa, nan ne gaskiyar ajin take.

Sai batun canke. In zaɓi huɗu ne, ko da ba wanda ya gane komai a cikin yara 80, kusan 20 za su dace da amsar. In "gaskiya ko ƙarya" ce, 40 ne, shi ya sa ba na son ta a wannan aikin sam. Maganinsa tambaya ta biyu mai irin ginin ta farko da wasu lambobi, misali 1/4 + 1/2, da zaɓin 2/6, 2/4, 1/8 da 3/4, ki kuma sauya wa amsar daidai mazauni. Masu dacewa da duka biyun ta hanyar canke ba za su wuce kamar 5 ba. Kada dai ki maimaita misalin da kika yi a allo, in kin yi haka, hadda kawai za ki auna.

Ki kula da lambobin da kike zaɓa, don akwai masu ɓoye kuskure. In kin tambayi faɗin fili mai kusurwa huɗu daidai wanda kowane gefensa mita 4 ne, mai ninkawa zai samu 16, mai tara gefuna huɗu shi ma 16. Ki sa 5, sai 25 da 20 su raba miki su. Haka 2 × 2 da 2 + 2.

Ta uku, in lokaci ya bari, ita na fi so. Ki ce: Audu ya ci rabin burodi, ya ƙara da sulusi, ya ce 2/5 ya ci, me ya sa ba zai yiwu ba? Yaron da ya ce ai 2/5 ko rabi bai kai ba, to wannan ya gane har zuci. A rubuta a ƙyallen takarda, shafi ɗaya ki yanka shi takwas, shafi goma sun ishi ajin. Ba maki za ki yi ba, ki kasa su kashi uku a kan tebur: ya gane, ya kusa, bai kama hanya ba. Minti goma ya isa. Kuma don Allah ki karanta musu tambayar da Hausa bayan Turancin, da yawa lissafin suna iya shi, kalmomin ne ke tare musu hanya. Yaranmu sun san rabi da sulusi da rubu'i tun daga Islamiyya, ki yi amfani da wannan.

A darasin minti 35 ki ajiye alli saura minti bakwai, ko da ba ki ƙarasa misalin ƙarshe ba. A nawa ganin, in wajen 65 sun samu duka biyun, gobe ki ci gaba, ragowar ki zaunar da su kusa da waɗanda suka iya. In aji ya rabu biyu tsakanin A da B, ki sa kowa ya juya ya kare amsarsa ga na kusa da shi minti ɗaya, a sake nunawa. In kuwa mafi yawa na kan A, gobe kada ki sake irin bayanin jiya da ƙarfin murya, ki zo da takarda ki naɗe ta gida shida, su ga rabi gida uku ne, sulusi gida biyu.

Abin da nake roƙonki, kada bulala ko maki su shiga wannan minti bakwai ɗin, ko da an matsa miki ki cike rajista da shi. Ranar da aka daki yaro don ya nuna C, daga ranar kowa zai riƙa satar kallon yatsun maƙwabcinsa, ki koma inda kika fito. Allah Ya ba da sa'a Malama, in kin gwada ki faɗa mana harafin da ya fi yawa.