Yadda za a gyara zane a allon jawabi ta yadda na sahun baya za su karanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan gabatar da aikina a babban ɗakin taro nan Katsina, da PowerPoint. Akwai zanen matakan rijistar ɗalibai, akwati tara da kibiyoyi. Da muka haska don gwaji, abokina da ya zauna baya ya ce rubutun kamar tururuwa. Na ja zanen ya girma, rubutun bai motsa ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwatunan da aka zana cikin PowerPoint haka suke, jan su ba ya ƙara wa harafin ciki girma. Shi rubutu sai an bi shi daban.

Fara da lissafi. Shafin PowerPoint mai faɗi tsayinsa inci 7.5 ne, wato maki 540, kuma da makin nan ake auna lambar girman harafi. A ce hoton da majigi ke haskawa tsayinsa mita 2, to harafi mai lamba 12 zai fito kusan santimita 4 da rabi, kuma baƙin kansa bai cika wannan ba. Daga mita 20 ido ba zai tsince shi ba. Lamba 24 tana ba ka kusan santimita 9. Ni a ganina kada ka sauko ƙasa da 24, in ɗakin dogo ne ka kai 28.

Akwati tara da rubutu mai wannan girman ba za su zauna shafi ɗaya da daɗi ba. Raba su, biyar a shafin farko, huɗu a na biyu, ka maimaita akwati na biyar a farkon shafi na biyu don kada zaren ya yanke. Ka kuma rage surutu: "Ɗalibi zai je banki ya biya kuɗin rijista" ya koma "Biya a banki".

Sai gyaran. Zaɓi akwatunan duka, ka haɗa su da Ctrl+G, ka riƙe Shift ka ja daga kusurwa. In ka ja ta gefe, da'ira za ta koma ƙwai. Raba su da Ctrl+Shift+G, ka sa musu lamba 24 baki ɗaya. A Format Shape duba ko Shrink text on overflow na kunne, domin shi ke matse harafi a ɓoye. Mayar da shi Do not Autofit.

Jerawa kuwa kada ka yi da ido. A Shape Format shiga Align, danna Align Middle su hau layi ɗaya, sannan Distribute Horizontally tazararsu ta zo daidai. Kibiyar da ta tsaya wuri ɗaya bayan akwati ya matsa, dama ba a maƙala ta ba. Ja bakinta har ya kama ɗigon gefen akwatin.

Amma in zanen hoto ne aka ɗauko, ja zai dushe shi kawai. Gara ka sake zana shi.

Kafin ranar, koma ɗakin a sa'ar da za ka yi jawabin, don hasken rana ta taga yana cinye launi mai laushi. Sa baƙin rubutu kan fari, danna F5, abokin naka ya sake zama sahun ƙarshe ya karanto maka kowane akwati da ƙarfi.