Riba ta ƙaru da kashi 20, to daga ina ta fito?

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Asawase, Kumasi:

"Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan masarufi sari-sari a Kejetia. Ɗana ya matsa mini in zuba kuɗin adashina a hannun jarin wani kamfani da nake ɗaukar kayansa. Na ga littafin rahotonsu na shekarar 2023 a ofishin dillalinmu, na ɗauki hoton shafin riba da asara da waya, ga shi na turo maka. Yaron ya ce riba ta ƙaru, amma ni lambobi kawai nake gani. Yaya zan lissafa in gane lafiyar kamfanin?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Hoton ya iso, kuma sai da na ja shi da yatsu biyu har ya kusa fashewa kafin in karanta layi na biyu, domin hasken fitila ya faɗa daidai kan lambar. Da farko na karanta 386,000. Da na cire ta daga cinikin da ke sama, sai amsar ta ƙi haɗuwa da abin da aka buga a layi na uku. Na gwada 336,000, nan take lissafi ya zauna. Wannan shi ne aikin farko da duk wani hoton irin wannan shafi: a kwafe lambobin a takarda, sannan a bi su da kalkuleta daga sama zuwa ƙasa, a ga ko kowane jimilla ya fito yadda aka buga shi. Shafin da kansa yake tona kuskuren mai karatu. Uku da takwas suna rikiɗa a hoto, ɗaya da bakwai ma haka, kuma wajen ɗinkin littafi takarda tana lanƙwasa har lambar wani layi ta hau kan sunan layin da ke ƙasa.

Abu biyu kuma a saman shafin. Akwai ginshiƙi huɗu na lambobi: biyu a ƙarƙashin Group, biyu a ƙarƙashin Company. Na farko shi ne uwar kamfani haɗe da ƙananan kamfanonin da ta mallaka, na biyu uwar ce ita kaɗai. Mai sayen hannun jari Group yake dubawa, kuma kada a ɗauki ciniki daga wannan ginshiƙi a ɗauki riba daga wancan. Sannan akwai ɗan rubutu GH¢'000, wanda babban yatsanki ya kusa rufewa. Ma'anarsa kowace lamba a ƙara mata sifili uku. Wato 480,000 ɗin nan sidi miliyan 480 ne. Lambar da aka sa cikin baka biyu kuwa cirewa ake yi.

Ga abin da na kwafo, na yanke wa lambobin wutsiya don sauƙin lissafi, sunan kamfanin kuma na bar shi tsakaninmu:

```
GH¢'000               2023       2022
Revenue            480,000    400,000
Cost of sales     (336,000)  (260,000)
Gross profit       144,000    140,000
Expenses           (96,000)   (92,000)
Other income        24,000      2,000
Operating profit    72,000     50,000
Finance costs      (24,000)   (10,000)
Profit before tax   48,000     40,000
Tax                (12,000)   (10,000)
Profit              36,000     30,000
```

Ɗanki bai yi ƙarya ba. Layin ƙarshe ya tashi daga miliyan 30 zuwa miliyan 36, ƙarin kashi 20 cikin 100 ke nan. Ciniki ma ya ƙaru da kashi 20. In kika raba ribar ƙarshe da ciniki kika ninka da 100, shekarun biyu duk 7.5 za su ba ki: a kowane sidi 100 da ya shigo, sidi bakwai da rabi ne ya rage wa masu kamfani. Wanda ya tsaya a nan zai ce komai lafiya lau. To mu koma sama mu gangaro a hankali.

Lissafin da na fi so ki riƙe shi ne wanda kike yi kullum a shago ba tare da kin ba shi suna ba. Kin sari katan, kin sayar, nawa ya hau kai? A shafin nan, Revenue shi ne cinikin shekara, Cost of sales kuɗin da kayan da aka sayar suka ci, Gross profit kuma abin da ya hau kai kafin a biya albashin ofis, man mota da sauransu.

```
144,000 ÷ 480,000 × 100 = 30
140,000 ÷ 400,000 × 100 = 35
```

A 2022, kowane sidi 100 na ciniki yana barin 35. A 2023 ya koma 30. Sidi biyar ba ya kama da wani abu, amma a cinikin miliyan 480 sidi miliyan 24 ne suka zube. Kamfanin ya ƙara ciniki na miliyan 80, abin da ya hau kai kuwa miliyan 4 kacal ya ƙaru. Ke kin san wannan ciwo: sari ya yi tsada, mai saye ya ƙi bin sabon farashi, sai ki haɗiye bambancin don kada ya tsallaka shagon maƙwabciya.

A kula da wani tarko a nan. Ku 'yan kasuwa kun saba auna riba da kuɗin sari: an sayo 70, an sayar 100, a ce an ɗora kusan kashi 43. Masu rahoton kamfani da farashin sayarwa suke aunawa, shi ya sa wannan cinikin a wurinsu kashi 30 ne. Ciniki ɗaya ne, ma'auni ne biyu. In za ki gwada kamfanin da shagonki, ki yi da ma'auni guda.

Ƙarin cinikin ma ina da magana a kansa. Hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022, kuma ko da ta sauko a Disambar 2023 tana kan 23.2. A shekarar da farashin kaya ya yi irin wannan tashi, kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 kawai, akwai alamar yawan katan da ya fitar raguwa ya yi, kuɗin ne suka kumbura. Ke da kike ɗaukar kayansu kin fi ni sanin sau nawa suka canza takardar farashi a shekarar, ki haɗa wannan da wancan.

To in abin da ke hawa kan kaya bai motsa sosai ba, ta yaya Operating profit, wato ribar gudanar da aiki, ta yi tsalle daga miliyan 50 zuwa 72? Dubi layin Other income. A 2022 miliyan 2 ne, a 2023 miliyan 24. Wannan layi na kuɗin da ba daga sayar da kaya suka fito ba ne. Yakan zama ribar sayar da fili ko tsofaffin injina, ko kuɗin inshora, ko ribar canjin kuɗin waje. Kamar a ce shekarar da kika sayar da filinki na Aboabo kika zuba kuɗin a aljihun shago, sannan kika ce shago ya yi albarka. Fili sau ɗaya ake sayar da shi.

Saboda haka cire wannan layi daga shekarun biyu, a yi adalci. 72,000 a cire 24,000 saura 48,000. 50,000 a cire 2,000 saura 48,000. Kin gani? Ribar ainihin sana'ar ba ta ƙaru da ko sisi ba. Raba ta da ciniki: kashi 12 a 2022, kashi 10 a 2023.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin Finance costs, kuɗin ruwan da kamfani ke biya a kan bashi. Ya tashi daga miliyan 10 zuwa 24. Bankuna suna da ma'auninsu a nan, kuma mai sauƙi ne: ribar aiki ta ninka kuɗin ruwa sau nawa? In aka bi lambobin yadda aka buga su, 50 a raba da 10 sau biyar ne, 72 a raba da 24 sau uku. Da ribar da muka tace kuwa, 48 a raba da 24 sau biyu ne kacal, alhali a 2022 ya kusa biyar. Rabin abin da sana'ar ta samar a 2023 masu ba da bashi ne suka kwashe. Ni a nawa ganin, kamfanin da ke sarrafa kaya in ya sauko sau biyu, to shekara ɗaya mara kyau ta isa ta jefa shi cikin asara. Kuma idan ruwa a harkar kamfani abu ne da kike kiyayewa saboda addini, wannan layi shi za ki nuna wa malaminki, tare da jimillar bashin da ke wani shafin.

Haraji ba shi da wani abin mamaki: 12,000 a raba da 48,000 kashi 25 ne, daidai da harajin da yawancin kamfanoni ke biya a Ghana. Da na ga ya faɗo kashi 5 ko ya koma ƙari a kan riba, da na ce nan ma a bincika.

Yanzu haɗa su. Ba don wancan kuɗi na gefe ba, ribar kafin haraji a 2023 da miliyan 24 ce, ta 2022 kuma 38. Bayan harajin kashi 25, kusan miliyan 18 ke nan a 2023, rabin abin da ɗanki ya gani. Wannan kiyasi ne, domin ba kowane kuɗin shiga ake yi wa haraji iri ɗaya ba, amma ya nuna inda iska ta dosa.

A can ƙasan hoton akwai layin Earnings per share, ribar da ta faɗa wa kowane hannun jari ɗaya, an rubuta 0.30. Wannan lamba ita ba a ƙara mata sifili uku, sidi ce yadda take. Ki sa yaron ya duba farashin hannun jarin a kasuwar hannun jari ta Ghana, ya raba shi da 0.30. A ce farashin sidi 3 ne, amsa 10: kina biyan ribar shekara goma ke nan. In ribar gaskiya rabi ce, to shekara ashirin kike biya, ba goma ba.

Akwai abin da wannan shafi ba zai taɓa gaya miki ba. Ba ya nuna yawan bashin da ake bin kamfanin, ko yawan wanda yake bin dillalai. Ciniki ana rubuta shi ranar da kaya suka fita, ko kuɗi sun shigo ko ba su shigo ba, kuma ke kin san tazarar da ke tsakanin littafin bashi cike da aljihu cike. Ribar da jarin masu kamfani ya haifar ma ba ta lissaftuwa sai an ga yawan jarin.

Don haka kuɗin adashin su ɗan ƙara kwana a inda suke. In kin koma ofishin dillalin, ki shimfiɗa littafin a tebur, ki danne tsakiyarsa, ki kashe fitilar waya, ki tabbata kan shafin ya fito. Ina son hoto uku: shafin Statement of financial position, wato na dukiyar kamfani da bashinsa, shafin Statement of cash flows, wato na shigar kuɗi da fitarsu, da kuma bayanin Other income. A gefen layin akwai 'yar lamba a ginshiƙin Note, a hotonki 9 ce. Ki buɗa can bayan littafin ki nemo bayani mai lamba 9, a nan suka rubuta abin da ya kawo miliyan 24 ɗin. Ki gaida yaron, ki ce ya zo da kalkuletarsa.