Ƙanƙara ko gashi da ruwan ɗumi: wanne ya dace da wane ciwon kai?

Likita, barka da aiki. Ina fama da ciwon ɓarin kai, yana sara ta gefen hagu har na yi amai. Surukata ta gasa mini kai da tsumma da ruwan zafi, sai abin ya ƙaru. Me ya sa? — Wata uwargida daga Birni, Damagaram

Sannu, uwargida. Surukarki alheri ta nufa, sai dai wannan ciwon sanyi ya fi so. Ciwon ɓarin kai yana tasowa ne daga jijiyar da ke kai saƙon raɗaɗi daga fuska da lulluɓin ƙwaƙwalwa. Idan ta harzuƙa, hanyoyin jinin da ke wurin sukan buɗe su yi tsami, sai ki riƙa jin sara kamar bugun zuciya. Zafi ƙara buɗe su yake yi. Sanyi kuwa yana tsuke su, yana rage saurin saƙon da jijiya ke aikawa, wurin ya ɗan yi sanyin ji.

Ki sayi ƙullin ƙanƙara, ki farfasa shi a cikin ledarsa, ki naɗe da ɗankwali ko siririn tawul. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye, domin tana ƙuna kamar wuta. Ki ɗora a goshi da gefen da ke sara, ko gefen wuya, ki kwanta a ɗaki mai duhu, minti 15 zuwa 20. Ki cire, fata ta huce ta koma yadda take, sannan ki maimaita in da buƙata. Ranar da aka ɗauke wuta babu ƙanƙara a unguwa, tsumma da ruwan randa ma ya wadatar, ki dai riƙa sake tsoma shi da zarar ya ɗauki ɗumin jiki. Ki fara tun ciwon yana somawa, tare da maganin da aka rubuta miki. Ƙanƙara sassauci take kawowa na ɗan lokaci, kuma wannan ciwon kan iya ɗaukar awa 4 har zuwa kwana uku.

Mai sikila kam ya bar ƙanƙara, sanyi na iya tayar masa da ciwon ƙashi.

Ni tela ne a Kasuwar Dole. Da la'asar sai na ji kamar an ɗaure mini kai da igiya, ƙeya ta yi nauyi. Na gwada ƙanƙara ban ji daɗinta ba.

Malam, naka daban ne. Wanda ya wuni sunkuye a kan keken ɗinki, ido a kan allura, naman ƙeyarsa da na kafaɗa ne ke ɗaurewa, raɗaɗin ya hau kai ta gefe biyu. Matsewa yake yi, ba sara ba, babu amai, kuma kana iya ci gaba da aiki da shi. Ka danna ƙasan ƙeyarka da babban yatsa, in ka ji tsami to ka gano shi. Naman da ya riga ya ɗaure, sanyi kan ƙara ƙanƙame shi. Ɗumi ne ke kawo masa jini ya saki.

Ka surka ruwa har ka iya barin gwiwar hannunka a ciki ba tare da ka zabura ba, ka tsoma tawul, ka matse, ka shimfiɗa a ƙeya da kafaɗu, ba a goshi ba, na minti 15. Na sha ganin masu ɗebo ruwa daga kan wuta suna cewa sai ya yi zafi zai shiga jiki, ƙarshenta mu koma jinyar ƙuna. Mai ciwon suga ya bari wani ya gwada masa ruwan, don fatarsa ba lallai ta gaya masa gaskiya ba. Ka kuma lura da farasitamol: shan sa kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai.

Ɗana mai shekara 9 yana da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sandare. In gasa masa? — Wata mahaifiya daga Zango, Damagaram

A'a, ƴar'uwa, kada ki gasa, kada ki jira gari ya waye. Damagaram na cikin yankin da sanƙarau ke tashi daga hunturu zuwa bazara. Ki kwantar da shi rigingine, ki ɗaga kansa a hankali. In haɓarsa ta ƙi taɓa ƙirji, ko yana kuka da haske, ko yana sambatu, alamarsa ke nan. Ko da wuyan ya lanƙwasu, ki kai shi asibiti yanzu. A hanya ki riƙa shafa masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ruwan kada ya zama na ƙanƙara.