Naira dubu goma a awa? Zo mu sake lissafi

Salamu alaikum, Malam. Ina haɗa wa mutane shafukan intanet bayan na tashi daga ofis. Wata makarantar kuɗi a Barnawa ta biya ni naira 300,000, aikin kuma ya ci min kamar awa 30 a gaban kwamfuta. Kenan awata ta kai dubu goma. Albashina dubu 150 ne. In ajiye aikin ofis in rungumi wannan? Daga ɗanka a Unguwan Rimi, Kaduna.

Wa alaikumus salam. Kalma ɗaya ta tsaya min a wasiƙarka: "kamar". Da ka rubuta awanninka a takarda, da ba ka ce kamar ba. Kirdado ka yi, kuma a kan kirdadon nan kake son ka saki albashi.

Tun da ba ka kawo lissafi ba, zan ƙiyasta, kai ka gyara inda na kauce. Kuɗin sunan shafin da wurin ajiye shi na shekara, a ce 40,000. Data 12,000, man janareta 25,000, kuɗin keke zuwa Barnawa da dawowa 13,000. Wanda ya ɗauko hotunan azuzuwa ka ba shi 20,000. Kwamfutarka ma tana tsufa da kowane aiki, ware mata 10,000. Dubu 120 ta fita, saura 180,000.

Sai haraji. Mai zaman kansa shi ke kai nasa ga hukumar harajin jihar da yake zaune, wato KADIRS a nan Kaduna, kuma a kan ribar shekara gaba ɗaya ake lissafa shi. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko, amma albashinka kaɗai ya haura nan, don haka kuɗin da makarantar ta biya ka a kan albashin zai hau. Ni nakan ce a ware aƙalla kashi 10 na ribar a wani asusu daban ranar da kuɗin ya shigo, kai da ke da albashi ma ka ƙara a kai. Mu ɗauki 18,000, saura 162,000. In kuma sun cire wani abu da sunan haraji kafin su biya ka, karɓo rasit ɗinsa, don za a rage maka shi.

Yanzu ga inda ka cuci kanka. Sau nawa ka je makarantar? A ce sau biyar, kowace tafiya da cunkoson gada da zaman jiran shugaban makaranta a kan benci awa uku, awa 15 kenan. Gyare-gyare fa? Yau a canza launi, gobe a ce hoton mai makaranta ya yi ƙanƙanta, jibi a sake jera sunayen malamai. Awa 20, kuma na yi maka sassauci. Waya da saƙonnin WhatsApp na ƙarfe goma na dare, awa 8. Bin cikon kuɗinka, awa 7. Haɗa da talatin ɗinka, awa 80. Raba 162,000 gida 80, za ka samu 2,025. Ba dubu goma ba.

Akwai wani yaro mai ɗaukar hoton biki da ya zo min da irin ɗokin nan, har ya fara tambayar kuɗin mota. Na miƙa masa littafin rubutu na 'yan firamare, na ce duk lokacin da ya taɓa aikin wani, ko amsa waya ce, ya rubuta lokacin farawa da na gamawa. Bayan wata biyu ya dawo jiki a sanyaye. Bikin da yake cewa na yini ɗaya ne, ashe da tace hotuna da sake wa uwar amarya kundi sau uku, kwana shida yake cinye masa. Ƙananan hotunan shaguna da yake rainawa su ne suka fi biyansa a awa.

Ban ce sana'arka ba ta da riba ba. Albashinka a kan awa 160 na wata bai kai dubu ɗaya a awa ba, 2,025 ta ninka shi. Sai dai ofis yana biyan duk awanninka, kasuwa kuwa sai waɗanda ta saya. In ka samu irin wannan aiki ɗaya a wata biyu, 81,000 ne rabonka a wata, ka koma kusan rabin albashi. Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Ka riƙe aikinka tukuna. A ayyuka uku masu zuwa rubuta kowace awa da kowace naira, ka kuma sa a takardar yarjejeniya cewa gyara sau biyu ne kyauta, na uku da kuɗinsa, sannan a biya rabi kafin ka kunna kwamfuta. In ka cika ukun, kawo min littafin mu duba tare.