Gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya

"Gwaggo, mijin maƙwabciyata ya rasu jiya, baƙi har sun cika gidan. Ni ban san me ake dafawa ba. In yi odar soyayyiyar shinkafa da kaza roba 50 a kai musu, ko in tura mata kuɗi kawai ta banki? Kuma kwana nawa ake yi?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri. Ki isar mata da gaisuwata.

Sai dai 'yar nan, da aka karanta mini saƙonki na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kaza a gidan makoki? Suna aka yi ko ɗaurin aure? Ba laifinki ba ne, laifinmu ne da muka bar ku kuka girma ba ku taɓa tsugunawa gaban murhun makoki ba.

Ni farkon wanda na tsuguna a gabansa a Bichi ne, bazarar 1974, ina amarya ko shekara ban rufa ba. Farin da aka yi a 1973 ya bar rumbuna wayam, mutane na auna hatsi kamar magani. Sai ga maƙwabcinmu, wani dattijo marini, ya kwanta dama. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, uwar mijina ta riga ta aika yara gida-gida da ƙwarya. Ba ta ce a kawo kaza-da-kaza ba. Wannan ta zuba mudun dawa, waccan rabin mudun gero, mai ƙuli-ƙuli ta ba da ƙuli da kwalbar man gyaɗa, wata tsohuwa da ba ta da ko ƙwaya ta turo damin itace. A tsakar gidanmu aka kafa duwatsun murhu, don uwar mijina ta ce hayaƙi ba zai tashi a gidan mamaci ba muna raye. Maganarta kullum ita ce, mai hawaye ba ta ganin gishiri. Daga baya a Islamiyya na ji asalin abin: da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Tsofaffinmu ba su iya jawo hadisin ba, amma aikinsa suke yi.

Aka raba aiki. Gida biyu suka ɗauki kunun tsamiyar safe, gida uku tuwon dawa da miyar kuka na dare, mu kuma aka bar mana rana, wato dambu. Kin san dalilin dambu? Baƙin makoki ba su da lokaci. Wasu da hantsi, wasu bayan la'asar, wasu motar kasuwa ce za ta sauke su gab da magariba. Shinkafa da wake in ta wuni a rufe cikin zafin bazara, kafin yamma ta fara yauƙi da tsami. Tuwo yana son miya mai zafi. Dambu kuwa a wararsa yake, ya huce ma ana ci, kuma ganye yana ninka shi. Kwano ɗaya na tsaki, in ya sha zogale, yana ɗaukar mutum 12 har 15. Mu kwano 6 muke turarawa kullum, a madambaci biyu.

Ga yadda ake yi, ki riƙe. A surfa hatsin, a wanke, a shanya ya sha iska, a ɓarza, a tankaɗe garin a ware shi, shi ne na kunun gobe. Tsakin sai a yayyafa masa ruwa da hannu ana murzawa, ya yi danshi kawai. In kin dunƙula a tafi ya kama, kin taɓa shi da yatsa ya watse, to ya isa. A zuba a madambaci ba tare da dannawa ba, a ɗora kan tukunyar da ruwanta ke tafasa, ruwan kuma kada ya taɓo gindin madambacin. Mahaɗarsu a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma da aka shafa wa kuka, don in tururi na tsira ta gefe, sai ki ƙone itacenki a banza, sama ɗanye ƙasa jiƙe. In tururi ya huda ta sama sosai, ƙamshi ya tashi, a juye a babbar ƙwarya, a wargaza, a ƙara yayyafi, a zuba zogale da gishiri, a mayar turare na biyu. Namu busasshen zogale ne da rama, sai da aka jiƙa aka tafasa tukuna. Shaidar ya nuna, ki murza ƙwaya tsakanin yatsu, ta baje ba farin gari a cikinta. Mai da dakakken ƙuli da yaji da ɗanyar albasa kuwa sai an zo rabawa, akushi-akushi. In kika cakuɗe duka tun da rana, albasar nan ita za ta fara juya shi.

Rana ta biyu aka bar ni da yayyafi, manya sun shiga gaisuwa. Ni kuma ganin tsakin ya yi mini bushe-bushe, na ɗauki moɗa na kwarara. Da aka buɗe madambaci sai ga curi guda, ya caɓe kamar tuwon da bai tuƙu ba. Kwano 3 na dawa, a shekarar yunwa! Na koma bayan rumbu ina kuka, har wata baƙuwa ta ɗauka 'yar mamacin ce, ta zo tana ba ni haƙuri. Uwar mijina ba ta ce mini uffan ba. Ta sa aka ɗora ruwa a babbar tukunya, aka jefa daddawa da yakuwa da sauran ramar, ta marmasa curin nan a ciki tana juyawa da muciya, ya koma fate. Aka sha, har liman ya aiko a ƙaro. Sai da dare ta ce da ni, ruwa a dambu kamar magana ce a gidan mutuwa, kaɗan-kaɗan ake sa shi.

Wata matar mai hali a unguwar ta so ta yanka ɗan akuya a sa a miya, aka hana ta. Uwar mijina ta ce, duk abin da aka kai gidan wannan, da shi za a auna na gidan gobe, kuma gidan gobe wataƙila ba mai akuya a kusa da su. Yanzu ina gani da idona, ana kafa rumfa, ana jera kujeru da lemon kwalba, masu rashi na cin bashi don kada a ce abincin makokinsu bai yi daɗi ba. Har na ji wata na tambayar ko da sauran nama. A gidan mutuwa fa!

Batun kwanaki, mu a da har bakwai muke yi, ranar uku a daka gumba a toya waina a raba sadaka, tukunya kuma na raguwa, don bayan uku sai 'yan nesa da dangi na jiki. Malamai da yawa sun ce zaman kwana 3 ne, ban da matar da za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, wasu ma ba su yarda da taron uku da bakwai ba sam. Wannan ki bi abin da mutanen gidan suke bi, kada ki kai musu gardama.

Na san ba ki da madambaci. Gwagwar ƙarfe a kan tukunya tana yi, tsakin masara kuma ana sayarwa a ɓarje a kasuwa. Amma kafin ki sayi komai, ki sa hijabinki ki ƙwanƙwasa ƙofofin da ke layinku, ki ji wa zai ɗauki safe, wa zai ɗauki dare. Ko ma kin san sunayensu? Ki kira ni in kin zo yayyafi.